Yadda Zaka Tono Tambayoyin Masu Kallo Daga Tiranskirif Ka San Bidiyon Da Zaka Yi Na Gaba

Tunda na faɗa cewa ni yanzu bana zama ina tunanin wane bidiyo zan yi, daga tsofaffin hirarrakina nake cirowa, mutane suketa tambayata wai ya ake yi. Toh ga shi na zauna na rubuta daki daki. Tiranskirif dai shine rubutun duk abinda aka faɗa a cikin bidiyo, jimla bayan jimla, wani lokacin da minti a gefe. Zan yi misali da tashar kiwon kaji don nan nafi sani, amma mai tashar girki ko gyaran waya ko ɗinki duk hanyar ɗaya ce.

Abinda kake buƙata ba yawa: waya, iyafis, Google Docs da Google Sheets waɗanda kyauta ne, sai laftof in akwai don aikin yafi sauri a kai nesa ba kusa ba. Data ba wani ci yake ba in rubutun kawai zaka ɗauko, rubutun hirar awa guda ko megabait ɗaya bai kai ba. Inda data ke tafiya shine in sai ka sake kallon bidiyon, nan kam ka rage shi zuwa 144p tunda kunne ne zai yi aikin ba ido ba. Abinda zai ci maka da gaske lokaci ne, ka ware yini biyu a karon farko.

1. Zaɓi bidiyon da muryar masu kallo ke ciki

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa tun kafin a fara. Tiranskirif maganar wanda ke gaban kyamara yake rubutawa, wato kai. In ka ɗauko bidiyon da ka zauna kai kaɗai kana bayani na minti goma ka ƙirga kalmomi, abinda zaka gano shine kalmomin da kai kake yawan faɗa, ba abinda jama'a suke so ba, kaga kenan ka yi wahalar banza ka dawo kana kallon kanka a madubi.

Bidiyon da zai maka amfani shine wanda masu kallo suka shigo ciki: layif ɗin da kake karanta tambayoyi kana amsawa, shirin da ake bugo waya, saƙon murya da aka turo ka kunna, hira da wani mai kiwo a gonarsa inda yake faɗin abinda ke damunsa, ko taron bita da aka ɗauka har da lokacin tambaya da amsa. Waɗannan su zaka tattara.

Ɗauki takwas zuwa goma, kuma ka warwatsa su a kan wata uku ko huɗu. Kar ka kwashi na sati biyu a jere. Dalili kuwa, in sati biyun nan ya faɗo a tsakiyar Afrilu kowa maganar zafi zai yi, sai ka ɗauka duniya ba abinda take so sai maganar zafi, alhali da ruwa ya sauka a Yuni an wuce wajen.

2. Ciro rubutun

A YouTube ka buɗe bidiyon, ka danna ...more a ƙasan take don bayanin bidiyon ya buɗe, ka gangara ƙasa zaka ga Show transcript in akwai shi. A kwamfuta zai buɗe a gefen dama, ka ja linzami daga farko zuwa ƙarshe ka kwafa ka manna a Google Docs. A ɗigo ukun da ke saman akwatin akwai Toggle timestamps mai cire mintuna, ni dai bana cirewa, don mintin nan zaka neme shi anjima. A waya zaka iya karantawa amma kwafar yana da wahala, shi yasa nace laftof.

In bidiyonka ne akwai hanya mafi tsafta: YouTube Studio, Subtitles, ka zaɓi bidiyon, a nan zaka iya sauke fayil ɗin a matsayin .srt ko .vtt ko .sbv, duk rubutu ne kawai, Notepad ma yana buɗe su. Wanda ya saba da rubuta umarni a kwamfuta kuma yana da yt-dlp, manhajar sauke bidiyo da sabtaitil, wannan zai duba masa irin sabtaitil ɗin da bidiyo yake da shi:

```
yt-dlp --list-subs URL
```

wannan kuma zai sauke rubutun kaɗai ba tare da bidiyon ba, en ɗin da ke ciki na Turanci ne, in wani harshen aka yi ka musanya shi da alamar harshen da umarnin farko ya nuna maka:

```
yt-dlp --skip-download --write-subs --write-auto-subs --sub-langs en URL
```

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, sabtaitil na otomatik in ka sauke shi a .vtt yana maimaita layi, saboda a allo layin ƙasa yana hawa sama ya sake fitowa, toh haka yake a fayil ɗin ma, jimla ɗaya ta fito sau biyu ko uku. In baka lura ba ƙirgenka zai ninka kana murna. Buɗe fayil ɗin ka karanta layi ashirin na farko da idonka kafin ka ƙirga komai. Na biyu, ka tabbata harshen da aka yi maganar ne ka ɗauko, ba fassarar inji ba. Fassara tana kashe ainihin kalmar da mutum ya furta, kuma kalmar nan ita muka fito nema.

3. In maganar Hausa ce kuma rubutun ya fito shirme

Wannan shine halin da yawancinmu zamu tsinci kanmu, don haka bari in daɗe a kai. Zaka danna ka ga ko dai babu Show transcript ɗin kwata kwata, ko kuma akwai amma injin ya ɗauka Turanci kake yi, ya jero wasu kalmomi da ba su da kai ba su da gindi, sai inda ka ambaci sunan magani ko wata kalmar Turanci ya kamo daidai. Irin wannan kar ka ɓata lokacin gyara shi, gyaran yafi rubutawa daga farko wahala.

Kuma kar ka ce zaka rubuta layif ɗin gaba ɗaya. Masu wannan sana'ar suna lissafa kamar awa huɗu ga kowace awa ɗaya ta magana, bidiyo takwas kenan sama da awa talatin, wa zai iya. Tambayoyin kawai kake so. Sa iyafis, ka ƙara saurin bidiyon zuwa 1.5, duk inda ka ji an karanta tambaya ka tsayar ka rubuta ta da mintinta, amsar da ka bayar ka tsallake. A kwamfuta K yana tsayarwa, J yana komawa baya daƙiƙa goma, L yana ci gaba goma, hannunka na hagu ya zauna a kansu kawai. Da haka layif ɗin awa guda baya wuce maka awa guda.

In rubutu da yatsa yana gajiyar da kai, Gboard ya samu rubutun murya da Hausa tun 2024. Ka ƙara Hausa a harsunan kibod ɗin, ka saurari tambaya a iyafis, ka danna makirfo ka maimaita ta da bakinka a hankali. Yafi ka kara wayar a jikin sifika, don muryarka a ɗaki shiru tafi fita akan sautin layif mai ƙarar janareta da kukan kaji a baya. Sai dai yana cin data kuma sai ka bi ka gyara sunayen magunguna.

Abu ɗaya da zan roƙa, ka rubuta tambayar yadda mai ita ya faɗa. In ya ce "kajina suna kashin jini" kar ka mayar da shi sunan cutar na likitoci don kai ka sani, in ta ce "'yan tsakina suna taruwa waje ɗaya suna kuka" haka zaka rubuta. In ƙaninka ko wani yaro zaka ba aikin ka biya shi, ka biya a kan kowane bidiyo ba a kan yawan tambaya ba, in ba haka ba har gaisuwa sai ta zama tambaya, kuma ka ja masa kunne kar ya gyara wa kowa Hausa.

Sannan daga yau ka sauƙaƙa wa kanka aikin gaba: duk layif ɗin da zaka yi, kafin ka karanta tambaya ka ce "tambaya ta gaba", ka karanta ta a fili har ƙarshe sannan ka amsa. Ni da can sai in kalli allo in yi shiru in ce "eh Malam, sati biyu ne", wanda yake kallo daga baya bai san me aka tambaya ba, nima da na dawo tonowa ban sani ba. Tambayar da ba a furta ba bata shiga tiranskirif.

4. Zuba su a Google Sheets, tambaya ɗaya layi ɗaya

Buɗe shafi ka yi ginshiƙi bakwai. A lambar bidiyo, B kwanan wata, C minti, D tambayar kanta, E mai tambaya, F kan magana, G ko an amsa ko ba a amsa ba. F ka barshi fanko tukuna.

In kana da cikakken tiranskirif mai kyau a Docs, ba sai ka karanta duka ba, Ctrl+F ka nemi alamun tambaya: "tambaya", "yana cewa", "tana cewa", "ya ake", "me yasa", "nawa ne", "a ina", "shin", "don Allah". Kar ka dogara da alamar tambaya ta rubutu, na otomatik sau da yawa baya sa ta.

A ginshiƙin E kar ka rubuta cikakken sunan mutum balle lambar wayarsa, mutane suna karanto lamba a layif, cire ta. Ba shi lamba kawai, M1, M2, ka riƙe a ranka ko a takarda wane ne. Amfanin wannan ginshiƙin zaka gani a mataki na bakwai. In mutum ɗaya ya jero tambaya uku a numfashi ɗaya, kamar "nawa ne buhun sitata yanzu kuma zan iya haɗawa da dusa kuma yaushe zan koma finisha", raba ta layi uku. G kuma gaskiya zaka faɗa wa kanka, in abinda ka ce shine "wannan sai mun yi masa zama na musamman" toh ba a amsa ba kenan, rubuta a'a.

5. Daidaita rubutun kafin ka ƙirga

Kwamfuta bata san cewa ƙwai da kwai da qwai abu ɗaya bane. Haka rigakafi da riga-kafi da riga kafi, haka buroila da burola, gumboro da gomboro. Kwafi ginshiƙin D zuwa gefe a ginshiƙin J don ainihin maganar ta zauna yadda take, sai ka yi Ctrl+H a kan kwafin ka mayar da kowanne iri ɗaya.

A nan akwai tarko guda biyu da suka kama ni, kuma duk mai Hausa sai sun kama shi. Ranar farko na mayar da ƙ ta koma k gaba ɗaya don in huta, na nemi "kwai", sai ga lamba ta fito har na miƙe zaune nace ashe jama'a maganar ƙwai suke so. Da na duba ashe "akwai" yake ƙirgawa, kusan kowace tambaya kuwa da "akwai" a cikinta, akwai magani, akwai hanya, akwai inda ake sayarwa. Na biyun "kaji". Mu a rubutu muna haɗe "ka ji" ya zama "kaji", toh mai tashar kaji da yake yawan cewa "kaji ko" ya shiga uku. Maganin na farko shine ka bar ƙ ɗinka a inda take, ko ka sa fili kafin kalmar:

```
=COUNTIF(J:J,"* kwai*")
```

filin nan da ke bayan tauraro na farko shi zai fitar da "akwai" daga lissafi, sai dai zai tsallake tambayar da ta fara da kalmar, wannan ka duba da ido. Na biyun kuwa kar ma ka ƙirga shi, sunan sana'arka ba zai gaya maka komai ba, mai tashar girki ma "abinci" ba kalmar ƙirgawa bace. Ka kuma kula da ƙasa da kasa, ƙara da kara, in ka cire lanƙwasa sun zama ɗaya, "sun kasa tashi" da "sun kwanta a ƙasa" kuwa ba magana ɗaya bace.

6. Haɗa tambayoyin da ma'anarsu ɗaya

Wannan matakin da hannu ake yi kuma shine zuciyar aikin. Karanta D layi layi ka sa wa kowace tambaya kan magana a F, kalma ɗaya ko biyu. "Wace allura zan fara yi musu", "kwana nawa ake ba da lasota", "maganin da ake ɗigawa a ido", duk rigakafi ne duk da ba wanda ya furta kalmar rigakafi a cikinsu. Ka ga in da ƙirgen kalma kaɗai ka bi da duk sun zube maka.

Kar kan maganar ya yi faɗi da yawa. "Cuta" ya yi faɗi, rabin shafin zai shige ciki kuma ba zaka iya yin bidiyo ɗaya a kan cuta ba. Kar kuma ya yi ƙanƙanta har kowace tambaya ta zama da nata. In tambayoyinka ɗari ne da wani abu, kan magana shida zuwa goma ya isa. Ka rubuta su iri ɗaya kullum, in ka sa "rigakafi" a sama kar ka sa "allura" a ƙasa, lissafin zai rabu biyu. Wadda ta ƙi shiga ko'ina ka sa mata "sauran", kar ka tilasta mata.

7. Ƙirga abu uku, ba ɗaya ba

Ga kowane kan magana kana son sanin tambaya nawa, a bidiyo nawa ta fito, kuma mutum nawa ne suka yi ta.

```
=COUNTIF(F:F,"rigakafi")
=COUNTUNIQUEIFS(A:A,F:F,"rigakafi")
=COUNTUNIQUEIFS(E:E,F:F,"rigakafi")
```

Bari mu yi misali da lambobi don a gane. Mu ƙaddara layif takwas ne daga Janairu zuwa Afrilu, ka fitar da tambaya 112. Rigakafi ya samu 27, ya fito a duka takwas ɗin, daga mutum 22. Zafi 21, amma a bidiyo biyu kacal, na Afrilu. Haɗa abinci a gida 19 a bidiyo bakwai daga mutum 17. Kasuwa da inda za a sayar 14 a bidiyo shida. Injin ƙyanƙyasa 12 a bidiyo biyar. Ɗumama 'yan tsaki ba wutar lantarki 11 a bidiyo shida. Sauran 8.

Da lamba ta farko kaɗai ka kalla sai ka ce rigakafi, zafi, abinci, kasuwa, inji, ka jera ka fara ɗauka. Amma duba injin ƙyanƙyasa, da ka ƙirga mutane sai ka tarar mutum biyu ne suka yi duka goma sha biyun, bayin Allah ne da basa fashin layif kuma kullum da tambayarsu ta inji. Ba laifi suka yi ba, amma mutum biyu ba jama'a bane, ka amsa musu a layif na gaba ka huta. Zafi kuma gaskiya ne ana so amma na lokaci ne, in yanzu kana cikin Afrilu yi shi a satin nan kafin komai, in kuwa sai Yuli ka gama lissafin toh ajiye shi ka rubuta a kalanda ka sake shi ƙarshen Fabrairu. Haka maganar kasuwa, ka duba ginshiƙin B ko tana taruwa ne gabanin Sallah ko Kirsimeti, in haka ne ka tuna buroila sati shida zuwa takwas take ɗauka, mai son sayarwa da Sallah wata biyu kafin nan yake neman bayani, bidiyon da ka saki ana saura sati ya makara.

Abinda ya rage a tsaye shine wanda ya cika uku ɗin: rigakafi, abinci, ɗumama.

8. Shiga cikin wanda ya yi nasara

Toh a nan ne zaka ce ai na riga na yi bidiyon rigakafi tun bara, har da jadawali. Haka ne, kuma duk da haka ana tambaya, ke nan ko dai basu ga bidiyon ba ko kuma bai amsa abinda ke damunsu ba. Yi filta a F ka bar rigakafi kaɗai, ka karanta 27 ɗin nan a jere kamar wasiƙa.

A misalinmu sai ka ga 16 daga ciki ba jadawali suke tambaya ba. Cewa suke "kajina talatin ne kuma kwalbar ta ɗaruruwa ce ya zan yi", "in ta rage zan iya sa wa a firij", "na je saya babu ƙanƙara na kawo ta a aljihu", "ranar ta wuce da kwana uku in yi ko in bari". Ka duba G, yawancinsu an rubuta a'a ko kuma amsar da aka basu ta daƙiƙa ashirin ce. Ashe bidiyonka na bara mai kaji ɗari biyar ka yi wa, masu kallonka kuwa masu talatin ne da hamsin a bayan gida. Bidiyon da ake jira shine rigakafi ga mai kaji kaɗan: saye, ɗaukowa a sanyi, rabawa da maƙwabta masu kiwo, da abinda ake yi da ragowar. In kai ba likitan dabbobi bane ka gayyato ɗaya ku zauna, ka riƙe takardar tambayoyin nan 16 ka dinga karanto masa, shirin ya tsara kansa.

Ka kuma nemi alamun da kai da kanka ka bari a tiranskirif: "kamar yadda na faɗa", "na sha faɗa", "mun yi wannan maganar", "zamu yi bidiyo a kai". Duk inda ka ji kanka kana cewa "na sha faɗa" da ɗan gajiya a muryarka, akwai bidiyon da ya kamata ace ka yi shi tuntuni ka dinga tura mutane can. "Zamu yi bidiyo a kai" kuma bashi ne ka ɗauka, ƙirga su ka gani, ni da na ƙirga nawa kunya ta kama ni.

9. Tabbatar da shi a waje kafin ka kunna kyamara

Masu shiga layif tsiraru ne cikin masu kallonka, kuma su ne masu data da lokaci a wannan sa'ar, don haka kar ka tsaya a kansu. Shiga YouTube Studio, buɗe wani bidiyonka mai alaƙa, Analytics, sai Reach, ka duba wajen YouTube search, zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta suka iso gare ka. In ka ga irin kalmomin da ke shafinka suna fitowa, alama ce mai kyau. A tasha ƙarama wajen yana iya zuwa fanko, wannan ba yana nufin ba a nema bane.

Sai ka je akwatin bincike na YouTube ka rubuta farkon jimlar, "yadda ake rigakafin", ka tsaya ka ga me zai ƙarasa maka. Gwada da lanƙwasa da kuma babu, gwada da kalmar aro da ta Hausa, don wani "allurar kaji" zai rubuta wani sunan maganin kai tsaye. Buɗe bidiyo uku na sama ka gani ko sun amsa tambayar masu kaji talatin ɗin nan, in suna da lokacin tambaya da amsa ka ɗauki tambayoyinsu ka zuba a wani shafi daban, kar ka cakuɗa da naka. Tambayoyin zaka ɗauka fa, ba bayanin mutum ba, kwashe maganar wani ka karanta a matsayin taka sata ce kuma masu kallo suna ganewa.

Mintunan da nace kar ka cire, ga amfaninsu: a Engagement akwai zanen da ke nuna inda mutane suke tsayawa da inda suke ficewa, inda layin ya yi tudu yawanci an koma baya an sake kallo ne. Duba mintin, koma ginshiƙin C ka ga wace tambaya ce a wajen. In tudun ya faɗo kan maganar ragowar kwalba, shaida ta uku kenan.

10. Take da kalmominsu, sannan ka ci gaba da cika shafin

Koma ainihin ginshiƙin D, wanda baka gyara ba, ka ga wace kalma suka fi furtawa. In "allura" suke cewa ba "rigakafi" ba, toh allura ce zata shiga take, ɗayar ka sa ta a bayanin ƙasa. "Kajina 30 ne, ya zan yi da allurar da ta rage?" yafi "Muhimmancin rigakafi a kiwon kaji" jan mutum, don na farkon bakinsa ne ya ji. Ka furta jimlar nan da bakinka a daƙiƙa talatin na farko, kuma kar ka cusa kalmomi goma a take don kawai shafinka ya nuna su, tambaya ɗaya bidiyo ɗaya.

Bayan ka saki bidiyon ƙara ginshiƙi na takwas, H, ka sa ranar da ka sake shi a gaban duk tambayoyin da ya amsa. Layif biyu ko uku na gaba ka ci gaba da zuba tambayoyi a ƙasa, yanzu kam awa guda ce a sati tunda kana cewa "tambaya ta gaba". In tambayar ragowar kwalba ta ragu ko ta canza kama ta koma "na kalli bidiyon amma a garinmu ba mai sayarwa", ka amsa ta kenan kuma ga sabon kan magana ya fito. In kuwa tana nan yadda take, kalma da kalma, duba lambobin E tukuna: sababbin mutane ne, sai ka liƙa bidiyon a saman layif ka dinga nuna musu, tsofaffin ne da suka riga suka kalla, toh bayaninka ne bai fita ba, koma ka kalli inda layin Engagement ya gangara ka sake ɗaukar wannan ɓangaren shi kaɗai.